Shafi biyu kawai parfe zai karanta: kada a ɓata su da zagin iyaye

'Yan uwa, duk wanda ya taɓa shiga harkar ƙungiya ya san wannan takardar. Bayan an yi bincike, an yi taron bita, an ci an sha, sai a ce wani ya taƙaita komai cikin shafi biyu domin a kai wa hukuma. Dalili a fili yake. Parfe ba zai zauna ya karanta rahoto mai shafi 80 ba, haka ma sufeton makarantu. Abin da ya shiga shafi biyun nan shi ne zai shiga kunnensu, abin da aka bari a waje kuwa ya mutu ke nan.

To idan batun ya zama me ya sa 'yan mata ke barin lakwal tun da wuri a wuri irin Dakoro, kusan kullum waƙar ɗaya ce. Layin farko auren wuri. Layi na biyu al'ada. Na uku jahilcin iyaye. Shawara kuma ita ce a ƙara wayar da kai, a tara sarakuna da malamai, a buga riguna da huluna. Ni dai na ce wannan takarda ba ta da amfani, kuma tana da illa. Tana sauke laifin gaba ɗaya a kan talakan ƙauye, ta sallami mai mulki hannunsa fes, babu abin da aka nemi ya sa wa hannu.

Kada wani ya yi mini gurguwar fahimta. Auren wuri gaskiya ne, kuma a jiharmu ya fi ƙarfi. Babban binciken lafiya da yawan jama'a na 2012 ya nuna cewa a Nijar, cikin mata masu shekara 20 zuwa 24, kashi 76 cikin 100 an aurar da su kafin su cika 18. A jihar Maraɗi adadin ya kai 89, ya fi na kowace jiha. Dokar farar hula ta ƙasa ma har ta yarda da auren yarinya mai shekara 15, alhali namiji sai ya kai 18. Babu mai musun wannan.

Amma ku duba abin da ake yi da lambar nan ta 89. Ana liƙa ta a saman takarda kamar ita ce amsar tambayar. Ba ita ba ce. Na farko, lambar ta jiha ce baki ɗaya, ba ta gundumar Dakoro ba, kuma ta haura shekara goma. Na biyu, wanda ya fi muhimmanci, ta haɗa har da ɗimbin matan da ba su taɓa taka ƙofar aji ba. Yarinyar da ba a taɓa rubuta sunanta a lakwal ba, ba aure ya fitar da ita ba. Lambar tana gaya mana mata nawa suka yi aure da wuri. Ba ta gaya mana abin da ya fara faruwa ba, fita daga aji ko ɗaurin aure.

Mu yi lissafin shekaru, wanda ko ɗan aji uku zai iya. Yarinya ta shiga lakwal tana da shekara 6 ko 7. Firamare shekara shida ce. Idan ba ta maimaita aji ba, za ta gama tana da 12 ko 13. Binciken nan na 2012 ya nuna cewa rabin matan ƙasar sun yi auren fari kafin su cika 16, wato tsakiyar lissafin tana tsakanin 15 da 16. Ke nan tsakanin gama firamare da ranar da ake kai yarinya ɗakin miji akwai shekara biyu ko uku. Ina take a cikin waɗannan shekarun? Idan tana koleji, to, aure ne zai zo ya ciro ta. Idan kuwa tana gida tana daka da ɗiban ruwa da talla, to lakwal ta riga ta sake ta tun kafin manemi ya yi sallama. Wannan ita ce tambayar da ya kamata ta cika shafin farko, kuma ita ce ake tsallakewa.

Wanda ya san Dakoro ya san inda igiyar take tsinkewa. Gunduma ce mai faɗi, mutanenta sun haura dubu 600 tun ƙidayar 2012, a warwatse cikin ƙauyuka da tungaye da rugage, daga Kornaka da Sabon Mashi da Ɗan Gulbi a kudu har zuwa kwarin Tarka da ƙasar makiyaya a arewa. Firamare ta isa ƙauyuka da yawa, ko da rumfar kara ce. Koleji kuwa tana manyan garuruwa. Ranar da aka ce yarinya ta ci, an tura ta siziyam, ranar ce uban zai zauna ya yi lissafi. Ko ta riƙa takawa kilomita da yawa safe da yamma cikin rairayi, ko a nemo mata gidan da za ta zauna a garin da kolejin take.

Zaman gidan wani kuwa kowa ya san abin da ya ƙunsa. Uba zai kai hatsi, cikin shekarar da rumbunsa ba lalle ya kai shi damina ba. Yarinya za ta zama 'yar aikin gidan, ita ce ruwa, ita ce wanke-wanke, ita ce raino, sannan a ce ta yi bitar darasi da dare babu fitila. Ga kuma abin da uwa ba ta faɗa a gaban masu bincike amma shi ke hana ta barci: 'yar shekara 13 a garin da ba nata ba, babu mai sa mata ido, idan ta dawo da ciki wa zai ɗauki kunyar? Uban da ya auna duk wannan ya ce ta zauna gida, kuna iya cewa bai kyauta ba. Amma kada ku kira shi jahili. Lissafi ya yi da abin da aka ajiye masa a gaba, kuma ba shi ya zaɓi inda za a gina koleji ba.

Wadda ta jure ta je ma, wata ƙofar tana jiranta. A binciken PASEC na 2014, wanda ke auna ɗaliban ƙasashe masu amfani da Faransanci, ko ɗaya cikin goma na 'yan ajin ƙarshe na firamare a Nijar bai kai matakin karatun da ake buƙata ba. A 2019 an samu ci gaba, amma duk da haka kusan uku ne cikin goma. To ɗauki yarinyar da ta yi firamare a rumfar da ba a kafawa sai an gama girbi an samu kara, wato an riga an ci mata makonni a farkon kowace shekara. Ka jefa ta siziyam, malamai da yawa, kowa da darasinsa, komai da Faransanci. Ƙarshen shekara maki bai kai ba. Ko ta maimaita, ko a kore ta. Ta koma ƙauye, bayan wata takwas aka ɗaura mata aure. Shekara biyu bayan nan mai bincike ya zo da takardarsa ya ce, ina wance? Aka ce ai ta yi aure. Shi ke nan ya rubuta "auren wuri". Makaranta ce ta kore ta, amma a rahoto laifin na ubanta ne.

Wani zai ce wannan duk hasashe ne, ina hujja? Hujjar tana nan, kuma a ƙasarmu aka same ta. A ƙarƙashin shirin SWEDD, wanda Bankin Duniya ya ba da kuɗinsa, an ba 'yan matan karkara masu shiga koleji tallafin karatu na shekara uku, domin biyan kuɗin zama da abinci da sauran buƙatun makaranta. Ba a zaɓi ƙauyukan da son rai ba, ƙuri'a aka yi, wasu suka samu wasu ba su samu ba, domin a iya kwatantawa da gaskiya. Masu bincike huɗu, Hélène Giacobino da Elise Huillery da Bastien Michel da Mathilde Sage, suka bi sawun yaran. Bayan shekara uku, barin makaranta ya ragu da rabi a ƙauyukan da suka samu tallafin. Aure ma ya ragu da rabi.

Ku tsaya ku yi tunani a kan wannan. Iyayen nan su ne dai iyayen jiya. Addininsu bai sauya ba, al'adarsu ba ta sauya ba, limaminsu shi ne dai. Abin da ya sauya shi ne nauyin ajiye yarinya a koleji. Da aka sauke musu shi, rabin auren da za a ɗaura ba a ɗaura ba. Da a ce al'ada ce kaɗai ke tuƙa motar, da kuɗin abinci bai taka mata birki haka ba. Duk takardar da za a kai wa hukuma a jihar Maraɗi kan wannan batu, idan babu wannan sakamakon a cikinta, marubucinta ko bai yi karatu ba, ko kuma yana kare kasafin taron bitarsa.

Batun nisa ma an auna shi a wasu wurare. A jihar Bihar ta Indiya, gwamnati ta ba 'yan matan da suka shiga sakandare kuɗin sayen keke, kuma binciken Karthik Muralidharan da Nishith Prakash ya nuna shigarsu ta ƙaru da kusan kashi ɗaya cikin uku, musamman a ƙauyukan da makaranta ke nesa. Ba ina cewa a kwaso kekuna a zuba a Dakoro ba. Wanda ya taɓa tura keke cikin rairayin can ya san ba zai kai ko'ina ba. Darasin shi ne tazara tana cin 'yan mata fiye da yadda take cin maza, kuma idan aka rage ta, su ne ke fara dawowa. Maganin da ya dace da Bihar daban, wanda ya dace da Tarka daban.

Haka nan takarda mai gaskiya dole ta faɗi inda hujja ba ta da ƙarfi, ko da abin yana da farin jini wajen masu ba da kuɗi. Misali, ana yawan cewa jinin al'ada ne ke korar 'yan mata daga aji. A Nepal, Emily Oster da Rebecca Thornton sun bi 'yan mata rana bayan rana, suka tarar abin da al'adar ke ci musu bai kai yini ɗaya ba a shekarar karatu, kuma raba musu kayan tsafta bai sauya zuwansu ba. Wannan ba ya nufin kada a gina bayan gida a makarantunmu. Makarantar da babu ruwa babu makewayi cin mutunci ce, a gina ko da ba ta ƙara ko ɗaliba ɗaya ba. Amma kada a ce wa parfe wannan ne zai rufe ramin siziyam.

To yaya za a san gaskiyar Dakoro ita kanta, ba ta Bihar ko ta jiha baki ɗaya ba? Ba sai an ɗauko ƙwararre daga Yamai ba. Aikin rajista ne da ƙafa. A zaɓi koleji ɗaya da dukkan makarantun firamaren da ke tura mata ɗalibai. A ɗauko sunayen 'yan matan ajin ƙarshe na shekara biyu da suka wuce, a bi su ɗaya bayan ɗaya ta ƙofofi huɗu: an tura ta siziyam? Ta je a watan Oktoba? Ta kai watan Yuni? Ta wuce aji na gaba?

Bari in ba da misali da lambobin da na tsara domin bayani kawai. A ce an fara da yara 100. Aka tura 70. Suka je 45. Suka kai ƙarshen shekara 30. Suka wuce gaba 20. Mai takardar gargajiya zai ce an rasa 80, kuma mafi yawansu yau matan aure ne, saboda haka aure ne. Mai bin ƙofofi kuwa zai ga abu huɗu daban. Akwai 30 da firamare ba ta koya musu abin da zai wuce da su ba. Akwai 25 da suka ci amma ba su je ba, kuma a nan ne za a tambayi nisa da masauki. Akwai 15 da suka je suka kasa jurewa, a duba watan da suka ɓace, ko lokacin da hatsin da aka kai ya ƙare ne. Akwai 10 da makaranta da kanta ta mayar baya ko ta kora. Kowace ƙofa da maganinta, kuma kowane magani da ofishin da ke da alhakinsa.

Sannan ga kowace yarinya da ta fita, a nemi ranaku uku: ranar ƙarshe da aka kira sunanta ta amsa, lokacin da aka karɓi kuɗin neman aurenta, da ranar ɗaurin aure. Rana ta biyun tana da muhimmanci, domin idan an riga an ba da ita tun tana aji, to aure ne ya ciro ta ko da an yi bikin bayan shekara. Wannan yana faruwa, kuma a rubuta shi da sunansa ba tare da kunya ba. Idan kuwa maganar aure ba ta taso ba sai da ta yi watanni a gida, to kada a yi wa iyaye ƙazafi.

Akwai gwaji biyu da ke tona gaskiya nan take. Na ɗaya, a yi wa yara maza na ƙauyukan lissafi iri ɗaya. Idan su ma suna zubewa a ƙofa ta huɗu, matsalar ta koyarwa ce, ba a aurar da su ba ai. Na biyu, a jera ƙauyukan bisa nisansu da koleji. Idan 'yan matan garin da kolejin take suna zuwa, na ƙauyen da ke kilomita 15 ba sa zuwa, alhali ƙabila ɗaya, addini ɗaya, har auratayya suke yi, to ku gaya mini wace al'ada ce ke farawa a kilomita na biyar? Abin lura ɗaya: rajista takan riƙe sunan yaron da ya daɗe da tafiya, don haka littafin kiran suna na kullum za a duba, ba jerin farkon shekara ba.

Kuma kada a yi wa Dakoro kuɗin goro. Ɗiyar manomi a Kornaka da ɗiyar makiyayi a wajen Azagor ba abu ɗaya ke fitar da su ba. A arewa, idan ciyawa ta ƙare gida ya tashi da dabbobi, yarinya ba ta da inda za ta zauna sai in makarantar tana dafa abinci kuma tana da wurin kwana. A can, ranar da tukunyar makaranta ta daina tafasa ita ce ranar da aji ke watsewa. Layi biyu sun isa a faɗi wannan, amma dole a faɗe shi.

Shafi na biyu kuwa na buƙatu ne, kuma buƙata sai da farashi. A ce bin sawu ya nuna 'yan mata 60 a wata ƙaramar hukuma sun ci amma ba su je ba. A ce kuma ajiye kowace a gidan da aka amince da shi, da abincinta, zai ci jika 20 a wata. Wata tara, jika 180 ke nan. Su 60, miliyan 10 da jika 800 na sefa a shekara, kuma koleji shekara huɗu ce, kada a fara abin da za a yanke a tsakiya. Yanzu mai mulki yana da lambar da zai ajiye kusa da kuɗin gina ƙaramar koleji a tsakiyar ƙauyukan, ko kuɗin gidan kwana, ya zaɓa. Gidajen kwanan 'yan mata da gwamnatin Bazum ta fara, irin na Kelle a jihar Damagaram, sun amsa matsalar masauki kai tsaye. Amma gini sau ɗaya ake yi, abinci da mai kula kuwa kullum ne. Takardar da ta ce a gina ba ta ce wa zai ciyar ba, rabin magana ta yi.

Akwai ma abin da ba ya cin ko dala. Tun ranar 5 ga Disamba 2017 akwai dokar shugaban ƙasa mai lamba 2017-935 kan kariya da tallafa wa yarinyar da ke cikin karatu, wadda ta zo bayan ƙudurin 2012 ya maƙale a majalisar dokoki saboda adawar wasu ƙungiyoyin addini. Matakan da suka biyo bayanta sun buɗe wa yarinyar da ta yi aure ko ta haihu hanyar komawa aji. To a tambayi kowane shugaban koleji a gundumar: 'yan mata nawa suka dawo ta wannan hanya bana? Sufeto yana iya neman amsar da wasiƙa ɗaya. Dokar da ba a ƙirga aikinta ba, ado ce a cikin durowa.

Me ya sa duk da haka ake ci gaba da rubuta tsohuwar waƙar? Saboda tana yi wa kowa daɗi. Mai ba da kuɗi ya samu labarin da ya saba ji. Ƙungiya ta samu aikin da ke da sauƙin ɗaukar hoto. Hukuma ta samu takardar da ba ta tambaye ta ina malami, ina aji, ina abinci ba. Wanda kawai ya yi asara shi ne wanda ba ya cikin ɗakin taron, kuma ba zai taɓa karanta abin da aka rubuta a kansa da Faransanci ba.

Mu matasan birni ma sai mu yi hattara, domin zagin mutanen ƙauye ya fi mana sauƙi a kan tambayar ofis. Da yawa cikinku a gidan wani kuka yi koleji, kun san ɗanɗanon tuwon da ake miƙo wa baƙo. Idan aka ba ɗayanku aikin rubuta shafi biyun nan, ko aka kawo muku ku sa hannu, ku nemi abu huɗu kafin komai: a wace ƙofa yaran suka fita, me ya riga wani tsakanin fita da aure, nawa maganin zai ci, kuma wane ofishi zai sa hannu kafin Oktoba mai zuwa. Idan babu su, ku mayar wa mai ita ya sake. Wanda kuma ke Dakoro ko Kornaka ko Birnin Lalle kuma yana da hanyar ganin rajistar koleji ɗaya, ya tara abokai biyu su fara ƙirgawa, ba tare da fitar da sunan kowace yarinya ba. Lambobin koleji ɗaya da aka bi da gaskiya sun fi taron bita goma nauyi a teburin parfe.

Allah ya sa mu dace.